Tsohuwar Laftof Ma Tana Iya Tace Bidiyon Biki Idan Aka Rage Mata Kaya

Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwar laftof da niyyar tace bidiyo ya san yadda abin yake farawa. Ka ɗora hoton a kan layin aiki, ka danna ya tafi, sai murya ta wuce gaba ta bar hoto a baya. Ka ja ɗan sandan nan zuwa tsakiyar bidiyon, sai allo ya daskare, fanka ta ɗauki kuka, ka zauna kana jira. Wurin da kake son yankewa ya wuce ba ka gan shi ba. Daga nan mutane da yawa suke yanke hukunci cewa kwamfutar ta tsufa, sai an sayi wata. Ga matashin da yake ɗaukar bikin unguwa, ko mai haɗa karatun malamai, ko mai tallata kayan shagonsa, sayen wata ba magana ce ta yau ko gobe ba.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, aikin tace bidiyo kashi biyu ne. Akwai zaɓe da yanka da jerawa, wanda shi ke buƙatar idonka da hankalinka. Akwai kuma aikin ƙarfi, wanda na'ura ce ke yin sa ita kaɗai. Laftof mai ƙaramin ram tana sarƙewa ne idan aka tilasta mata yin biyun a lokaci guda. Idan ka raba su, ka yi naka aikin a kan ƙananan kwafi marasa nauyi, ka bar mata aikin ƙarfi ta yi sa'ad da ba ka kusa, za ta kai ka inda kake son zuwa. Waɗannan ƙananan kwafi su ake kira furoksi.

Abin da ke sa ta sarƙe

Bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, kuma kowane hoto tarin ɗigo-ɗigo ne. Hoton da ake kira 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato sama da miliyan 2. Na 4K, wanda wayoyin zamani ke ɗauka, ya ninka wannan sau huɗu, ya haura miliyan 8. Idan manhaja ta warware hoto ɗaya tak na 4K domin ta yi aiki a kansa, yana iya cin wajen MB 33 na ram. Ba hoto ɗaya take riƙewa ba kuwa, tana tara da dama a gaba don kada wasa ya tsaya.

Laftof mai ram GB 4 kuwa ba duka huɗun ne naka ba. Windows ta riga ta kwashe kusan rabi tun kafin ka buɗe komai. Idan ragowar ta cika, sai kwamfutar ta fara zuba abin da ya yi saura a kan faifan ajiya tana ɗebowa, shi kuma faifai, musamman irin na da mai juyawa, bai kama ƙafar ram a sauri ba. Wannan kai-komo shi ne daskarewar da kake gani.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan ɓuya. Domin fayil kada ya yi girma, waya da kyamara ba sa ajiye kowane hoto cikakke. Suna ajiye cikakke ɗaya, sannan hotunan da ke biye da shi sai a rubuta abin da ya canja kawai. Wajen kallo daga farko zuwa ƙarshe wannan dabara ba ta da laifi. Amma mai tacewa tsalle yake yi, gaba da baya. Duk inda ya dira, dole kwamfuta ta koma ta nemo cikakken hoton da ke baya, ta sake gina duk na tsakani kafin ta nuna masa wanda yake so. Tsarin matse bidiyo na H.264, wanda ya fito a 2003, haka yake aiki. Magajinsa H.265, da ake kuma kira HEVC, wanda ya fito a 2013, ya fi shi matsewa, ya kuma fi shi wahalar warwarewa. Wayoyin iPhone da shi suke ɗauka tun 2017 in ba mai wayar ya canja ba. Laftof ɗin da aka ƙera tun kafin wannan tsari ya yaɗu tana shan wuya da shi ƙwarai.

Kana iya gane wanne ne ke damunka da idonka. Sa'ad da bidiyon yake sarƙewa, danna `Ctrl+Shift+Esc`, ka shiga `Performance`. Idan `Memory` ta kusa cika kuma `Disk` yana manne a 100%, ram ce ta ƙare. Idan `CPU` ne ke manne a sama alhali ram na da saura, warware bidiyon ne ya fi ƙarfin na'urar. Furoksi yana maganin duka biyun, domin hotonsa ƙarami ne kuma an yi shi ta yadda tsalle a cikinsa ba wuya.

Yadda furoksi yake aiki

Tela mai hankali ba ya fara gwada sabon ɗinki a kan shadda mai tsada. Yakan fitar da yankan a takarda, in ya gamsu sai ya ɗora a kan shaddar ya bi. Haka manhaja take yi. Tana yin ƙaramin kwafi na kowane bidiyo, tsawonsu ɗaya, murya ɗaya, sai dai hoton ƙarami ne. Kai kana yanka a kan ƙaramin, ita kuma tana rubuta umarninka: daga minti kaza zuwa minti kaza na fayil kaza. Ranar fitar da aiki sai ta ajiye ƙananan, ta ɗauko na asali, ta bi umarnin nan ɗaya bayan ɗaya. Ingancin abin da za ka miƙa wa mai aiki bai ragu da komai ba.

Sauƙin da ake samu ba kaɗan ba ne. Furoksi mai girman 540p kashi ɗaya cikin huɗu ne na ɗigon 1080p, kuma ɗaya cikin 16 na 4K. Mai girman 360p ɗaya cikin tara ne na 1080p, ɗaya cikin 36 na 4K.

Manyan manhajojin tacewa duk suna da wannan tsari, amma wasunsu su kansu sun fi ƙarfin ram GB 4. Shi ya sa zan yi misali da Shotcut, wadda kyauta ce, ba ta manna tambari a kan aikinka, kuma tana da furoksi tun 2020. Masu ita sun ce ram GB 4 ta ƙananan bidiyo ce, GB 8 ta HD, GB 16 ta 4K. Ke nan mai GB 4 da ke son taɓa HD ba shi da hanya sai ta furoksi. Sabbin fitowarta suna neman Windows 10 ko 11 mai 64-bit.

Aikin biki, daga farko

Mu ɗauka an kawo maka aikin biki. Mai kyamara ya ɗauki awa biyu a 1080p, hoto 25 a daƙiƙa, abin da zai kai wajen GB 21 idan kyamarar tana rubuta megabit 24 a daƙiƙa. Ƙanwar amarya ta ba da minti 20 da ta ɗauka da iPhone a 4K, kusan GB 3 da rabi. Ga kuma wasu gajerun bidiyo da dangi suka turo ta WhatsApp. Laftof ɗinka Core i5 ce ta da, ram GB 4, faifai mai juyawa.

Abu na farko ba a cikin manhaja yake ba. Buɗe folda ɗaya da sunan aikin, ka kwafe komai a ciki daga memori da waya, kowane tushe da 'yar foldarsa. Kada ka yi aiki kai tsaye daga memorin kyamara ko filash, domin suna da jinkiri kuma suna iya zarewa ana tsakar aiki. Idan za ka canja wa fayil suna, yanzu ne lokacinsa. Da zarar ya shiga manhaja, suna da mazauninsa sun zauna ke nan har a gama. Ka tabbata kuma faifan yana da sarari isasshe bayan kwafewar, domin furoksi da aikin ƙarshe duk wuri suke nema, Windows ma tana buƙatar inda za ta juya.

Na biyu, ka saita aikin tun kafin ka jawo ko da bidiyo ɗaya. A `Settings > Video Mode` za ka tarar an bar shi a `Automatic`. Ma'anarsa, bidiyon da ka fara jawowa shi zai tsara wa aikin duka girma da gudu. Idan tsautsayi ya sa na 4K ɗin nan ka fara taɓawa, aikin gaba ɗaya ya zama 4K, laftof ɗin kuma ta shiga uku ba gaira ba dalili. Zaɓi `HD 1080p 25 fps`, tun da mafi yawan kayan a haka aka ɗauke su. Ƙa'idar ita ce a bi rinjaye. Bidiyon wayar da ke 30 zai zauna a cikin 25, sai dai in an kura ido a ga ɗan tsalle inda kyamara ta juya da sauri. Idan kuwa aikin a waya kawai za a kalle shi, `HD 720p` ya wadatar, kuma zai rage lokacin fitarwa sosai. Canja wannan saiti bayan an yi nisa yana iya gusar da wuraren yanka da rubutu, saboda haka a yanke shawara tun farko.

Na uku, a `Settings > Preview Scaling` zaɓi `360p`. Wannan yana rage girman hoton da manhajar ke sarrafawa don ta nuna maka, kuma da shi take auna girman furoksin da za ta yi. Mai ram GB 8 yana iya zaɓar `540p`. Sannan ka kunna `Settings > Proxy > Use Proxy`, kuma a ƙarƙashin `Storage` ka bar `Use Project Folder` a kunne, don ƙananan kwafin su zauna a foldar aikin, inda za ka same su ka goge bayan an gama. Saitin nan biyu tare suke tafiya. In ka kunna furoksi ka bar `Preview Scaling` a kashe, manhajar za ta riƙa buɗa ƙaramin hoton ta mayar da shi babba kafin ta nuna, rabin ribar ta tafi.

Bidiyon waya yana da nasa hali

Kafin ka jawo na wayar cikin aiki, buɗe ɗaya ka duba `Properties`. Waya ba ta cika riƙe gudu ɗaya ba: idan haske ya ragu ko ta yi zafi, takan rage yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa, sannan ta koma. Shotcut tana nuna wannan da kalmar `variable` kusa da lambar gudun, wani lokaci ma ta yi maka gargaɗi da kanta. Alamarsa a aiki ita ce, baki da murya suna tare a farkon bidiyo, amma kafin ƙarshe sun rabu. Furoksi ba a yi shi don gyara wannan ba. Maganinsa `Convert to Edit-friendly`, wanda ke yin sabon fayil mai tsayayyen gudu. Sabon fayil ɗin ya fi na asali girma, don haka a zaɓi matakin da ya fi ƙanƙanta a cikin waɗanda ta bayar, kuma a juya waɗanda za a yi amfani da su kawai. Daga nan shi ne zai zama na asali a wurin aikin.

Bidiyon WhatsApp kuwa an riga an matse su sun ƙanƙance. Idan ka ga manhajar ba ta yi wa wani furoksi ba, ba kuskure ba ne: ba ta yi wa fayil ɗin da girmansa bai wuce na furoksin sosai ba.

Idan kana da ta cewa tun kafin biki, ka roƙi masu ɗauka da waya su sa 1080p maimakon 4K. Mai iPhone ya shiga `Settings > Camera > Formats` ya zaɓi `Most Compatible`. Wannan ɗan roƙo yana rage maka awanni.

A bar ta ta yi aikinta

Yanzu jawo fayilolin cikin `Playlist`. A gefen `Jobs` za ka ga sun yi layi, ana yi wa kowanne furoksi. Nan ne mutane suke gaggawa, su fara yanka alhali na'urar tana tsakar aikin ƙarfi, sai abin ya fi da muni, su ce furoksi ba ya aiki. Ka bar ta ta gama.

Domin ka san tsawon jiran, fara da fayil ɗaya ka duba agogo. Idan bidiyon kyamara na minti biyar ya ɗauki minti huɗu, to awa biyu za su ci wajen awa ɗaya da minti 36, na 4K kuma zai fi haka jinkiri a kowane minti. Ka daidaita wannan da lokacin da kake sa ran wuta za ta zauna. Ka jona caja, domin laftof tana rage wa kanta ƙarfi idan tana kan batir, ka kuma hana ta yin barci a saitin wuta. Idan ana yawan ɗauke wuta, jawo fayilolin kashi-kashi. Wanda aka gama ya gamu, ba sai an sake ba.

Zafi ma abin lura ne. Na'urar da ta yi zafi tana sassauta gudunta don kada ta ƙone. Alamar ita ce ta fara aiki garau, bayan minti 15 ko 20 ta soma ja da baya, ƙasanta ya yi zafin da hannu ba ya jurewa. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma. A ɗaga bayanta iska ta shiga, kuma bayan hunturu a kai wa mai gyara ya buɗe ya share ƙurar da ta toshe fanka.

Lokacin yanka

Idan layin ya ƙare, za ka ga `(PROXY)` a jikin sunan kowane bidiyo. Ja sandan gaba da baya, za ka ji bambancin nan take. Don sauƙin ya ɗore, rufe burauza da duk wata manhaja, domin shafuka kaɗan a buɗe suna iya cinye ragowar ram ɗin. A cikin jerin zaɓin `Timeline`, kashe `Show Video Thumbnails`, kuma idan ba ka bin murya wajen yanka, kashe `Show Audio Waveforms`.

Kada ka zuba bikin duka a aiki ɗaya. Kamu ya zama aiki guda, ɗaurin aure guda, walima guda, kai amarya guda. Kowanne zai buɗe da sauri, kuma in ɗaya ya sami matsala sauran suna nan. Layin hoto biyu da na murya ɗaya ko biyu sun isa. Ka gama yanka da jerawa tukuna, sannan rubutu, sannan gyaran launi a ƙarshe. Kowane ado da ka ɗora a `Filters` yana da ɗan akwati a gefensa. Idan ka saita shi ka gamsu, cire alamar ka ci gaba da aiki, ka mayar kafin fitarwa. Ka riƙa danna `Ctrl+S` a kai a kai. Fayil ɗin aikin, mai ƙarewa da `.mlt`, umarni ne kawai a ciki, ba shi da nauyi, saboda haka kwafe shi a filash kowace rana ba ya cin komai.

Abin da furoksi ba ya yi

A 360p komai yana da ɗan dishi-dishi, don haka ba za ka gane hoton da mai kyamara bai saita da kyau ba. Fuskar ango tana iya zama garau a ƙaramin kwafi a idonka, a talabijin kuma ta fito a dushe. Ga wurare masu muhimmanci, kamar shigowar amarya, zaɓi bidiyon, ka shiga `Properties`, ka danna `Proxy` sannan `Disable Proxy`, ka kashe `Preview Scaling` na ɗan lokaci, ka tsayar da hoton ka duba, ko ka buɗe fayil ɗin asali a manhajar kallo.

Furoksi kuma ba ya rage lokacin fitarwa, domin a nan na asali ake komawa. Kafin ka danna `Export File`, kashe laftof ɗin ka sake kunnawa don ram ta wofinta, ka buɗe Shotcut ita kaɗai. A `Advanced`, tabbata babu alama a `Use preview scaling`. Idan da alama, aikin zai fito ƙarami da ingancin furoksi, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: fitarwa ta ƙare da wuri fiye da zato, fayil ya fito ɗan mitsitsi, hoto a dushe. Cire alama kuma a `Parallel processing`, domin yana ƙara cin ram. Sannan ka tashi ka ba ta wuri.

Babban hatsari shi ne goge na asali. Mutum ya ga faifai ya cika, ya ga aiki yana tafiya lafiya, sai ya share manyan fayilolin. Ranar fitarwa manhajar za ta neme su ta rasa, abin da ya rage a hannu sai 360p, biki kuwa ba a maimaita shi. Foldar `proxies` ita ce ake iya gogewa, domin ana sake yin ta. Na asali ba a taɓa su sai mai aiki ya karɓa ya gamsu, kuma ya kamata a ce akwai kwafinsu a wani faifan dabam.

Idan aiki ya fara kawo kuɗi

Gyara biyu ne suka fi amfani, kuma duka ba su kai kuɗin wata laftof ba. Na farko, a musanya faifai mai juyawa da SSD, wanda ke sa buɗe fayil da kai-komon ram su yi sauri ƙwarai. Na biyu, a ƙara ram zuwa GB 8. A `Task Manager`, ƙarƙashin `Memory`, layin `Slots used` zai nuna maka ko akwai gurbin da ba kowa. Ka tafi da laftof ɗin wurin mai sayarwa a gwada a gabanka, domin DDR3 da DDR3L da DDR4 ba ɗaya ba ne, kuma wasu ƙananan laftof an like ram ɗinsu ba ya ƙaruwa. Idan `Disk` ne ke yawan cika a gwajin da ka yi tun farko alhali ram na da saura, fara da SSD. Idan `Memory` ce, fara da ram.

Ko an yi gyaran ko ba a yi ba, kada aiki ya bar hannunka sai ka buɗe fayil ɗin da ya fito. Duba girmansa ka ga 1920 da 1080 ne, ka kalli farko da tsakiya da ƙarshe, ka lura da baki da murya a minti na ƙarshe, sannan ka gwada shi a waya da talabijin kafin ka kira mai biki ya zo ya karɓa.